Yunifom a Makarantun Kaduna: Wa Yake Rufa wa Asiri, Wa Yake Tonawa?

Duk shugaban makarantar da ka tambaya a Kaduna amfanin yunifom, amsa ɗaya zai ba ka: don kada a gane ɗan mai kuɗi da ɗan talaka. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma wanda ya taɓa ganin ranar walimar sauka ko bikin yaye ɗalibai, inda ake barin yara su zo da kayan gida, ya san haka. A ranar ne wata ke zuwa da leshi mai duwatsu, wata da atamfar sallar bara da aka rage mata daga ta yayarta. Wasu yaran ma ƙin zuwa suke yi, su ce ba su da lafiya. Da a ce kullum haka ake zuwa aji, da yarinyar da ke da kaya kala biyu kacal ta shiga uku kafin zango ya raba. Saboda haka ban ga hikimar masu cewa a soke yunifom baki ɗaya ba.

Sai dai wannan hujjar tana aiki ne sosai a makon farko na shekarar karatu, lokacin da kowa ya fito da sabon ɗinki. Abin da ke faruwa daga nan zuwa watan Yuli shi ne inda maganar take, kuma lissafi ne ke nuna shi.

A ɗauki magidanci a Rigasa ko Unguwar Mu'azu mai 'ya'ya huɗu a makarantar gwamnati: maza biyu a firamare, namiji ɗaya a ƙaramar sakandare, mace ɗaya a babba. Yaron firamare yadi biyu da rabi zai yi masa riga da wando, su biyu yadi biyar ke nan. Na sakandare zai ci uku da rabi. Ita kuwa budurwar, tsakanin riga da wando da hijabi, da wuya ta tsaya ƙasa da yadi shida da rabi. Jimla yadi 15. Farashi yana motsi kusan kowane wata, don haka mu ƙaddara yadin naira 2,000 ne, kowa ya sa na kasuwarsu a gurbin. Kuɗin yadi 30,000. Tela ya karɓi 2,500 a kan kowane yaro, 10,000. Sandal na 3,500 ƙafa huɗu, 14,000. Safa da baje, a ce 1,000 kowanne, 4,000. An tashi a naira 58,000, kuma saiti ɗaya ɗaya ne. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kaduna ta amince da shi a 2024 naira 72,000 ne. Wato idan mutumin nan ma'aikaci ne mai wannan albashi, abin da zai rage masa na abinci da haya da kuɗin mota a watan shi ne 14,000. Idan ya ce zai yi wa kowane yaro saiti na biyu, ko bai ƙara takalmi da safa da baje ba, lissafin ya kai 98,000, ya wuce albashin. Kuma mafi yawan iyayen yaran makarantun gwamnati ba su da albashin ma. 'Yan acaba ne, masu tura baro, masu facin taya, matan da ke sayar da awara a ƙofar gida.

Shi ya sa saiti ɗaya ake yi, kuma daga saiti ɗayan nan ne bambancin da aka ce an binne yake tasowa. Shekarar karatu zango uku ce, kowanne wajen mako 13, kusan kwana 190 ke nan a makaranta. Yaron da ke da saiti uku, kowace riga kwana sittin da 'yan kai za ta yi a jikinsa. Mai saiti ɗaya duk kwanakin a kan riga guda za su ƙare, ana wanke ta da yamma, a shanya, a saka da safe. Shuɗin ya koɗe ya koma ruwan toka, farin ya koma ruwan ƙasa, wuya ya cinye, gwiwar wando ta yi sheƙi sannan ta fashe. Yadin ma tun farko ba ɗaya ba ne, domin a kala guda akwai mai kauri da ke riƙe rini, akwai shara-shara wanda wanki goma ke gamawa da shi. Zuwa zango na uku, duk wanda ya tsaya a bayan layin asembili zai iya ware yaran gida-gida ba tare da ya tambayi sunan uban kowa ba. Yaran kansu sun fi kowa iya wannan karatun. Suna duba takalmi, jaka, agogo, da abin da ake fitarwa lokacin tara. Har ana iya cewa yunifom ya sauƙaƙa gwadawar, tunda idan kaya iri daban-daban ne sai a ce zaɓi ne, amma idan iri ɗaya ne, koɗewa kaɗai ta isa shaida.

Iyaye mata suna da dabarunsu. Za ka ji uwa tana ce wa tela, “Malam, don Allah a sa masa sarari, a naɗe ƙafar wandon ciki, in ya ƙara tsawo sai a warware.” Shi ya sa ɗan aji ɗaya ke tafiya kamar rigar ce ta ɗauko shi, kuma bayan shekara biyu za ka ga layin tsohon naɗin a ƙafar wandon, ƙasansa ya fi samansa duhu don bai sha rana ba. Daga nan ƙane ya gada. Waɗannan dabarun suna yiwuwa ne idan makaranta ta bar yadin a kasuwa kuma ba ta canza shi. Da zarar ta canza, dabara ta mutu.

Har zuwa nan, abin da muka gani gazawa ce kawai: yunifom ya rage bambanci, bai kashe shi ba. Inda ya koma cutarwa shi ne bakin ƙofa. A makarantu da yawa, da safe malamin horo da firifet-firifet suna tsayawa suna duba masu shigowa. Wanda ba safa, gefe. Wanda ya zo da silifas, gefe, wani lokacin a ƙwace silifas ɗin. Wanda bajensa ya cire, wanda wandonsa ba kalar ba ne, wadda hijabinta ya wuce ko bai kai inda aka ce ba. Hukuncin ya danganta da makaranta da halin malamin: durƙuso a rana, tsallen kwaɗo, tsintar leda, bulala, ko kuma “koma gida ka gaya wa babanka.” Abin lura shi ne kusan duk laifin da ke wannan jerin kuɗi ne ke gyara shi, kuma yaron ba shi da kuɗin. Bai ƙi sayen sandal ba. Ana dukan ɗan shekara goma ne a kan aljihun ubansa, a gaban tsaransa, sannan ya rasa darasin farko da na biyu, waɗanda galibi nan ake sa lissafi da Turanci don lokacin ne kan yara ke sabo. Wanda aka kora gida kuwa ba lallai gidan ya koma ba. Wani zai rakuɓe a bayan katanga har a tashi, wani ya bi abokai. In aka kore shi sau uku a mako, a na huɗu uban zai ce ya zauna sai an samu kuɗi, ko ya bi yayansa garejin kanikanci kafin nan. “Kafin nan” ɗin ne ke zama shekara.

Yanayin Kaduna yana ƙara tsananta abin. Zangon farko yana farawa a Satumba, damina ba ta ɗauke ba, na uku kuma yana ƙarewa a tsakiyarta. Rigar da aka wanke da la'asar aka yi ruwa da magariba ba za ta bushe ba, ba wuta balle a bi ta da guga, sai dai dutsen gawayi in akwai. Da safe zaɓi uku ne: a saka ta da danshi, a je da kayan gida a sha hukunci, ko a zauna. Da hunturu kuma, a Disamba da Janairu, wasu makarantun ba sa yarda da rigar sanyi sai mai kalar makaranta. Yaron da uwarsa ta samo masa jar suwaita a gwanjon Kasuwar Barci sai a ce ya cire ta a ƙofa ya cusa a jaka, ya tsaya asembili yana kakkarwa, na kusa da shi mai suwaitar makaranta yana cikin ɗumi. Ban san wace tarbiyya ake koyarwa da wannan ba.

'Yan mata sun fi shan wahala, ta fuska biyu. Kayansu sun fi cin yadi, kamar yadda lissafin ya nuna, kusan ninki biyu na namiji. Sannan jikinsu yana canzawa da sauri tsakanin shekara 12 da 15, rigar da aka ɗinka daidai a aji ɗaya ta matse a aji biyu. Malama ta gani ta ce rashin kamun kai ne, alhali rashin kuɗin sabon ɗinki ne. Wadda da gangan ta kai wa tela ya tsuke mata da wadda girma ya tsuke wa, a ƙofa hukuncinsu ɗaya, har da baƙar maganar da ke biyo baya. Ga kuma makarantun da suka zaɓi farin wando ko farin siket ga 'yan matan da suka fara al'ada, a inda banɗaki ba ruwa, audugar mata kuma ta yi tsada. Yarinya mai farin wando ɗaya tak ta san abin da za ta yi a waɗannan kwanakin: zama a gida.

Akwai bincike da ya auna nauyin wannan kuɗin. A yammacin Kenya, bayan ƙasar ta soke kuɗin makarantar firamare a 2003, yunifom ya zama babban abin da ya rage iyaye su saya. Masana tattalin arziki Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer suka bi makarantu 328, aka raba wa 'yan aji shida na wasu daga cikinsu yunifom kyauta, da alkawarin na biyu bayan wata 18 ga wanda bai bar makaranta ba. Bayan shekara uku, barin makaranta a tsakanin 'yan mata ya sauka daga kashi 19 cikin ɗari zuwa 16, na maza daga 13 zuwa 10, ɗaukar ciki da ƙuruciya ma ya ragu. Masu son yunifom kan kawo wannan a matsayin hujjarsu, amma a duba da kyau. Binciken bai gwada makaranta mai yunifom da marar yunifom ba. Duka suna da shi. Abin da ya nuna shi ne tufar da kuɗinta bai wuce dala shida ba tana tsaye tsakanin wasu yara da aji, kuma da aka ɗauke wa iyaye kuɗin, yaran suka zauna. Dokar ilimin bai-ɗaya ta Nijeriya ta 2004 ta ce shekara tara na farko kyauta ne kuma dole ne. Magidancinmu na Rigasa da ya ƙirga 58,000 kafin yaro ya taka aji yana da ikon ya tambayi ma'anar kyautar.

Kaduna ta taɓa gwada ɗauke nauyin. A zangon farko na gwamnatin Nasir El-Rufai, wadda ta hau a 2015, an raba wa ɗaliban sakandaren gwamnati yunifom kyauta, aka ba telolin jihar aikin ɗinki. Tunanin daidai ne, kuma ya sa kuɗi a hannun masu keken ɗinki. Raunin irin wannan shirin a ko'ina shi ne riga ba gini ba ce da za a yi sau ɗaya. Tana mutuwa a shekara, yaro yana girma, sababbi suna shigowa kowace Satumba, don haka sai an sake sa kuɗin a kasafi duk shekara, kuma kayan su iso kafin a koma hutu. In aka yi shela kayan suka makara, iyayen da suka dakata da saye suna jiran gwamnati su ne 'ya'yansu za su tsaya a gefen ƙofa. Abin takaici a gefe guda: garin da masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri tun 1957, masaƙun UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya har aka san Kaduna da yadi a faɗin Afirka ta Yamma, yau yawancin yadin da 'ya'yansa ke sawa zuwa makaranta daga waje ake shigo da shi. KTL ta rufe a 2002. Shi ya sa duk lokacin da naira ta faɗi, kamar yadda ta yi tun 2023, sai wandon ɗan firamare ya ji a jikinsa.

A makarantun kuɗi labarin ya sha bamban, don a can yunifom haja ce. Makaranta za ta zaɓi yadi mai zane ko kalar da ba a samu a Kasuwar Gumi, ko ta buga tambarinta a jikin rigar, ta ce a ofis kaɗai ake saye. Sai a ƙara kayan wasanni na Laraba, kayan Juma'a, suwaita mai tambari, safa mai tambari, wani wurin har jaka. Bayan shekara biyu ko uku a ce an canza zane, duk abin da ƙane zai gada ya tashi a banza. Abin ya yi kama da ankon biki: an ce a fito iri ɗaya don kada wata ta fi wata, amma uwar biki ce ke sayar da atamfar da ribarta a kai, wadda ba ta da kuɗin anko kuma sai ta ƙi zuwa bikin. A tuna ba 'ya'yan masu hali kaɗai ke makarantun kuɗi ba. Lungunan Tudun Wada da Badarawa da Sabon Tasha cike suke da ƙananan makarantu masu arha inda talaka ya kai ɗansa don gudun cunkoson ajin gwamnati, kuma wasu masu makarantun da ba sa iya ƙara kuɗin zango, ta kan yunifom da littattafai suke cike giɓin. Ingila, inda muka gaji al'adar, ta yi doka a 2021 a kan tsadar yunifom: aka umarci makarantu su taƙaita kaya masu tambari, su samar da hanyar sayen na hannu, kuma kada su ɗaure iyaye ga dillali ɗaya ba tare da gasa ba.

Maganar hijabi ta nuna wani ɓangaren, wato wa ya zaɓi abin da ake kira “iri ɗaya”. Makarantu da dama na Kaduna na mishan ne kafin gwamnati ta karɓe su a shekarun 1970. Kwalejin Sarauniya Amina da Kwalejin Rimi duk daga can suka fito. Kowace makaranta da siffar ɗalibin da ta ɗauka shi ne daidai, wanda ya saɓa kuma shi ake wa kallon mai neman fitina. A Legas sai da aka je Kotun Ƙoli, wadda a Yunin 2022, da alƙalai biyar cikin bakwai, ta tabbatar cewa ɗaliba Musulma tana da ikon sa hijabi a makarantar gwamnati, bisa sashe na 38 na kundin tsarin mulki. A Ilori rikicin ya sa an rufe makarantu goma a 2021. A makarantun gwamnatin Kaduna an saba ganin mai hijabi da marar hijabi a benci ɗaya da kala ɗaya, kuma wannan ya isa shaida cewa haɗin kala ba ya buƙatar haɗin siffa. Amma ma'aunin ya shafi kowa: yarinya Kirista a makarantar da Musulmi suka fi yawa a arewacin kogin Kaduna ita ma ba a tilasta mata abin da ba na addininta ba da sunan yunifom.

A manyan makarantu ba yunifom, sai dokar sutura, kuma a can ba a ma fakewa da daidaito, tarbiyya ake cewa. Mai gadi ne alƙali, da idonsa yake auna matsewar siket da askin saurayi. Wanda ya sauko daga keke-napep ya shiga da ƙafa shi ake dubawa daga sama har ƙasa. Wanda ya shigo a mota mai baƙin gilashi, but ɗin motar kawai ake buɗewa.

Makarantar da ke son sanin ko nata yunifom rufin asiri ne ko sanda, ba ta buƙatar masu bincike daga waje. Ta rubuta sunayen duk waɗanda aka tsayar a ƙofa saboda sutura na tsawon zango ɗaya, ta ajiye su kusa da sunayen waɗanda ake bin iyayensu kuɗin jarrabawa ko na ƙungiyar iyaye da malamai. In jerin biyu suka zo kusan ɗaya, to talauci take hukuntawa. Ta kuma duba rajista a safiyar da aka kwana ana ruwa, ta ga su wa ke fashi. Gyaran da ya fi girma ba ya cin ko kwabo: kada a kori yaro daga aji ko a dake shi a kan abin da saye ake yi, a kira uban ko uwar a yi magana a ofis. Yadin ya zama wanda ake samu a kowace kasuwa, mai duhu da ke jure wanki, baje ya zama na ɗinkawa wanda za a iya cirewa a mayar a wata rigar, kuma kada a canza kala sai da sanarwar shekaru. Ɗaliban da suka gama su bar kayansu masu sauran kyau a wani akwati a ofishin mataimakiyar shugaba, a riƙa ba mabuƙata a asirce. Rigar sanyi kowace kala ce a bar yaro da abarsa. Wanda ya tsuke wando da gangan ko ya zo da askin gayu, wannan zaɓinsa ne, makaranta tana da ta cewa a kai, kuma malamin da ya san ɗalibansa ba zai kasa bambance shi da wanda wandon yayansa ne ya gada ba.